Suna ɗaya a takarda biyu: jagorar rubuta sunaye tsakanin Hausa da Faransanci

Matasan da ke fara aikin fassarar takardu ko cike fom a Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Yaro ya yi karatun allo da na boko, sai ya ga an rubuta Issoufou a takardar haihuwa, ransa ya ba shi cewa ai Yusuf ne aka ɓata, ya ɗauki alƙalami ya gyara. Daga ranar mai takardar ya zama mutum biyu a idon hukuma: wanda aka haifa, da wanda ya ci jarrabawa. Sai ran neman fasfo, ko bizar Hajji, ko karɓar kuɗi a banki, ko rabon gado, abin zai tashi, a lokacin kuwa wanda ya yi gyaran ya manta da shi. Shi ya sa na ga ya dace in jera matakan da muke bi, da dalilin kowanne.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ta mai da Faransanci harshen aiki, ana sa ran rubutu da Hausa ya ƙaru a ofisoshi. Amma takardun haihuwa da shaidun karatu da ke hannun jama'a da rubutun Faransanci suke, kuma za su daɗe ana aiki da su. Sunayen nan dole su riƙa ketare tsakanin rubutu biyu ba tare da sun canza mai su ba.

Kayan aiki

Abu huɗu kake bukata. Na farko, takardar da ta fi kowace tsufa a hannun mai sunan, ta asali ko kwafi mai fitowa sosai. Na biyu, littafin rajista ko jadawalin kwamfuta mai gida biyar: sunan takarda, lafazin Hausa, sunan uba, sunan kaka, da takardar da ka kwafo sunan daga cikinta. Na uku, allon rubutu da ke iya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma fitar da é da ï. Na huɗu shi ne bakin mai sunan, ko na wani daga gidansu, don akwai tambayoyin da takarda ba ta amsawa.

1. Fara da sanin irin rubutun da ke gabanka

Rubutu iri biyu ne, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Akwai takardar da hukuma za ta gwada da wata takarda: ta haihuwa, ta aure, ta shaidar zama ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa, hukuncin kotu, yarjejeniyar sayen fili. A irin wannan ba a fassara suna, ba a Hausantar da shi, ba a Faransantar da shi. Duk sauran kalmomin takardar za su canza harshe, sunan ya tsaya yadda yake. Dalili kuwa shi ne ma'aikacin da zai duba ba kunne zai sa ba, ido zai sa, ko ma na'ura ce za ta gwada harafi da harafi. A wurinta Moussa da Musa ba su haɗa komai ba.

Iri na biyu shi ne rubutun karatu: labarin jarida, littafin makaranta, takardar da mai gabatarwa zai karanta a rediyo. A nan kana da zaɓi, amma zaɓi ɗaya daga farko har ƙarshe. A labarai ni na fi son a bar wa mutum rubutun da shi kansa yake sa hannu da shi, wato Mahamadou Issoufou. A littafin masu koyon karatu da Hausa kuwa, Mahamadu Isufu ya fi, sai a nuna rubutun hukuma sau ɗaya a farkon ambato. Abin da ba ya karɓuwa shi ne gauraye, irin Mahamadu Issoufou, rabi nan rabi can, wanda ba a samunsa a kowace rajista.

2. Nemo uwar takarda, ka kwafa harafi da harafi

Uwar takarda ita ce takardar haihuwa, ko hukuncin kotun da ya maye gurbinta ga wanda ba a yi wa rajista da wuri ba. Daga gare ta sauran ke fita. Idan mutum ya riga ya mallaki fasfo, ka ajiye su gefe da gefe ka tabbata sun yi daidai kafin ka rubuta komai.

Kwafa na nufin har da abin da kake gani ƙarami ne. Tazara tsakanin Abdoul da Aziz, ko ƙaramin layin da ke haɗa su, ko rashin duka biyun. Ɗigo biyu a kan ï na Saïdou. Harafin e na ƙarshen Ousmane. Harafin y na ƙarshen Laoualy, wanda wani ke rubuta Laouali, wani Lawali. Tsofaffin takardu da hannu aka rubuta su, kuma a irin wannan rubutu n da u suna kama, haka ma a da o, har Amadou ya iya komawa Amadon a hannun mai gaggawa. In harafi ya shige maka duhu, nemi wurin da magatakardan ya sake rubuta shi a wata kalmar da ka sani a cikin takardar, ka gwada. Da ka gama, karanta wa mai sunan haruffan ɗaya bayan ɗaya yana duba tasa.

3. In sunan bai taɓa shiga takarda ba: daga Hausa zuwa Faransanci

Wannan shi ne kaɗai lokacin da kake da ikon zaɓen rubutu, misali jariri ko dattijon da ake yi wa takarda karon farko. Abin da ka rubuta ranar nan zai bi shi har kabari, don haka ka san yadda mai karatun Faransanci zai furta shi.

Mafi haɗari shi ne harafin s. A Faransanci, s guda tsakanin wasula biyu z ake karanta shi. Shi ya sa ake rubuta Moussa da Issa da Salissou da s biyu, ba don an nanata baƙin ba. Wanda ya rubuta Nasirou ya mai da Nasiru Naziru, alhali sunaye biyu ne daban, har ana iya samun wa da ƙane da su a gida ɗaya. Nassirou ne Nasiru, Nazirou ne Naziru. Haka Bassirou ne Basiru, Bachirou kuma Bashiru, don ch ne ke ɗaukar sautin sh.

Na biyu a haɗari shi ne wasulan da Faransanci ke haɗewa. Haruffan ai a can kamar e suke fita, au kuma kamar o. Don kada Mai ya koma Me ake sa ɗigo biyu a rubuta Maï, kamar a sunan Ibrahim Baré Maïnassara. Don kada Dauda ya koma Doda ake rubuta Daouda, Hauwa kuma Haoua. Sunan da ya ƙare da an, Bafaranshe ta hanci zai fitar da shi ya haɗiye n ɗin, shi ne asalin e ɗin da ke bayan Ousmane da Souleymane da Hassane. Shi kuwa e na Hausa a ƙarshen suna, sai an ɗora masa alama sannan a furta shi: Wanké, Kandé.

Sauran suna da sauƙi in ka riƙe sunan garin Gidan Rumji, wanda ake rubutawa Guidan Roumdji. A cikinsa ka ga gu na hana g komawa j a gaban i, ka ga ou na tsayawa a madadin u, ka ga dj a madadin j. Sautin c kuma tch ne, kamar Tchima. Tsohon salo yana rubuta ti a madadin tch, di a madadin dj, shi ya sa a 2023 jaridu suka rabu tsakanin Tiani da Tchiani a kan mutum ɗaya.

Akwai abin da Faransanci ba shi da wurin ajiyewa ko kaɗan: ƙ, ɗ, ɓ, da hamzar da ke cikin Sa'idu, Rabi'u, Asma'u. Suna zama k, d, b, Saïdou, Rabiou, Asmaou. Kada ka yi ƙoƙarin ƙirƙiro musu sabuwar dabara a takardar hukuma. Rubuta lafazin cikakke a gida na biyu na rajistarka, can ne mazauninsa.

Kafin duk wannan, ka duba takardar uban. In shi Chaïbou ne a tasa, to sunan uba a takardar ɗansa Chaïbou ne, ko da kai Chouaïbou ka fi so. Gida ɗaya, rubutu ɗaya.

4. Daga Faransanci zuwa Hausa: tambaya ta fi hasashe

Komowa ta fi tafiya wuya, don abin da ya zube a hanya ba ya cikin takarda. Haruffan ou wani lokaci u ne, wani lokaci w, kamar a Laouali da Madaoua. Harafin k zai iya zama k ko ƙ, kuma Bako na takarda sai ka ji daga bakin mai shi kafin ka san ko Baƙo ne. Dan kusan kullum Ɗan ne. Har tch ma ba kullum c ba ne, domin Hausar yamma tana furta ts a gaban i kusa da c mai ƙarfi, shi ya ba mu Dogondoutchi daga Dogon Dutsi, da Fatchima daga Fatsima. Sannan s biyun Issa su koma ɗaya a Hausa: Isa.

Ka kuma tsai da ƙa'idar Hausar da kake bi. Ta Nijar, wadda aka tabbatar a 1999, tana rubuta ƴ a inda ta Najeriya ke rubuta 'y. Ga macen da ake kira 'Yar Baba ko 'Yar Sarki, wannan bambancin zai raba sunanta gida biyu a jerin kwamfuta in ba ka zaɓi ɗaya ba.

5. Asalin Larabci na bincike ne, ba na gyara ba

Nan ne masu ilmi suka fi faɗawa, don sun san asalin. Dubi shugabannin Nijar huɗu: Mahamane Ousmane da ya hau a 1993, Mamadou Tandja a 1999, Mahamadou Issoufou a 2011, Mohamed Bazoum a 2021. Mahamane, Mamadou, Mahamadou, Mohamed, duk daga sunan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka fito, amma ba mai hankalin da zai musanya wa ɗayansu da na wani. Abin da ka yarda da shi ga shugaba, ka yarda da shi ga manomi.

Sunayen nan sun shigo Hausa ɗaruruwan shekaru kafin boko, kuma harshe ya narkar da su bisa tsari. Harafin da ke farkon Khadija da Khalid ya zama h, muka sami Hadiza da Halidu. Wanda ke tsakiyar Uthman ya zama s. Wanda ya ba mu l a kalmar alƙali shi ne ya ba mu Murtala da Ramalan. Ɗa mai hannu kuwa ya rabu bisa karin harshe: Ɗahiru a Kano, Tsahiru a yamma, Tahirou a takardu da yawa. Ga kuma hanyoyin da sunan ya biyo ta wasu harsuna: Boubacar da Seydou da Aïssata sun yawaita a yammacin Nijar, Aboubacar da Saïdou da Aïchatou a ƙasar Hausa. Rubutun da ke takardar mutum yakan nuna inda aka raɗa masa suna da bakin da ya faɗa wa magatakarda. Wanda ya mai da Hadiza Khadija ya sauya mata suna, ko da ya yi daidai a nahawu.

Amfanin sanin asali yana wurin nema. In kana binciken fayil ɗin wani Yusufu a tsohuwar rajista, sanin asali ne zai sa ka duba ƙarƙashin Y don Youssouf da Youssoufou, ka kuma duba ƙarƙashin I don Issoufou. Mai neman Usman ya duba O, ya duba A don Assoumane. Bayan ka samo, ranar haihuwa da sunan uwa da garin haihuwa ne za su tabbatar maka shi ne.

Sunaye masu farawa da Abdul suna bukatar kulawa ta musamman. A Larabci suna ɗaya ne mai gaɓa biyu, bawa da ɗaya daga sunayen Allah. Faransanci yakan raba su: Abdoul Kader, Abdoul Razak, Abdou Salam. Ma'aikacin da bai sani ba sai ya ɗauki Abdoul sunan yaro, Kader sunan uba, ya ƙirƙiro mahaifin da ba a taɓa haifa ba. Kuma ba za ka ce kullum a haɗe su ba, don Abdu shi kaɗai ma suna ne, Abdou Salam zai iya zama Abdussalami, zai iya zama Abdu ɗan Salamu. Tambaya ɗaya ke warwarewa: "Malam, yaya sunan mahaifinka?"

Irin wannan ne Mahaman Laouali, Mahaman Sani, Mahaman Salissou, Mahaman Rabiou. Uba ya sa wa 'ya'yansa Muhammadu, ya bambanta su da na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Kalmomin biyu sunan yanka ɗaya ne. In ka yar da ta biyu don fom ya yi maka kaɗan, 'yan'uwa huɗu sun zama mutum ɗaya a takarda.

6. Jeri da laƙabi

Fom ɗin Faransanci yana da gida biyu, Nom da Prénom, an gina shi a kan al'adar sunan dangi da ake gada. Mu kuwa sunan yanka muke da shi, sai na uba, wani lokaci da na kaka. Ga kuma al'adar ofis ta fara kiran Nom, shi ya sa za ka ji Tandja Mamadou a Yamai, ka karanta Mamadou Tandja a jaridun waje, haka Diori Hamani da Hamani Diori. Ga sananne ba matsala. Ga talaka mai suna Ali Moussa, juyawa ɗaya ta mai da shi Moussa Ali, wanda wataƙila sunan ɗansa ne. Don haka kada ka dogara da jeri. Dubi abin da uwar takarda ta sa a kowane gida, ka kuma dubi layin da aka rubuta sunan uba daban.

Elhadji, Hadjia, Malam laƙabi ne, ba a ƙara su a takardar hukuma don girmamawa. Amma in sun riga sun shiga uwar takarda a cikin sunan uba, kamar Daouda Malam Wanké, sun zama ɓangaren suna, ba a cire su. Matar aure kuma, inda aka rubuta Mme da sunan miji sannan née, abin da ya biyo bayan née shi ne sunanta na haihuwa, shi za ka gwada da takardunta na makaranta.

7. Gwada aikin a kan fayil ɗaya

A ce wata ɗaliba daga Magarya ta sami gurbin karatu a wata jami'a a Kano. A gida Ruƙayya ake kiranta, mahaifinta Abdulƙadir, kakanta Sha'aibu. Ta kawo takarda uku. Ta haihuwa ta ce Roukayatou Abdoul Kader Chaïbou. Shaidar kammala sakandare ta ce Rakiatou Abdoulkadri. Takardar shiga jami'a, wadda wani ɗan'uwanta ya cike mata ta intanet, ta ce Rukayya Abdulkadir Shuaibu.

Ka fara da rajista. Gida na farko: Roukayatou Abdoul Kader Chaïbou, daga takardar haihuwa. Na biyu: Ruƙayya. Na uku: Abdoul Kader, da bayanin cewa suna ɗaya ne. Na huɗu: Chaïbou. Sannan ka jera saɓanin. Shaidar sakandare ta canza sunan yanka, don Rakiya da Ruƙayya asalinsu ɗaya amma rubutu biyu ne, ta haɗe sunan uba ta sauya ƙarshensa, ta kuma yar da kaka. Takardar jami'a ta Hausantar da duka ukun ba ƙugiya.

Yanzu buɗe fasfonta. A ƙasan shafin hoto akwai layi biyu da na'ura ke karantawa, kowanne mai gurbi 44, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Layin farko zai yi kama da wannan:

```
P<NERABDOUL<KADER<CHAIBOU<<ROUKAYATOU<<<<<<<
```

Wannan layi ba ya ɗaukar komai sai manyan haruffa marasa alama, da lambobi, da alamar <. Shi ya sa ɗigon ï ya ɓace, kuma wannan ba saɓani ba ne. Tazara ko layin haɗi yakan zama < ɗaya, ana zubar da alamar hamza, sannan << ne ke raba Nom da Prénom. Daga nan ka san abin da hukuma ta ɗauka sunan dangi, kuma da wannan rubutun za a sayi tikitin jirgi a cike fom ɗin biza. Gurbin suna 39 ne kawai, sunan da ya wuce haka ana datse shi, sai ka koma saman shafin don ganin cikakkensa.

Fasfo ya bi takardar haihuwa, to takardu biyu ne za a daidaita. Ta jami'a ta fi sauƙi: ta je ofishin rajista da fasfonta tun kafin a buga katin ɗaliba, a mai da sunan yadda yake a fasfo, ko da abokan karatunta za su ci gaba da rubuta Rukayya. In aka bari har aka buga digiri, gyaran zai ci lokaci da kuɗi. Ta sakandare kuwa ba kai za ka taɓa ta ba. A fassararka ka kwafi Rakiatou Abdoulkadri yadda yake, ka sa bayanin mai fassara a ƙasa cewa takardar haihuwa ta rubuta sunan da wata siga, ka kawo sigar. Ita kuma ta nemi hukumar da ta ba da shaidar ta gyara, ko ta samo takardar da ake kira certificat d'individualité a ƙasashe masu aiki da Faransanci, wadda ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. A ɓangaren Najeriya, takardar rantsuwa a kotu ce ke yin irin wannan aiki.

Da a ce kuskuren a cikin takardar haihuwar yake, misali magatakarda ya rubuta Roukayaton, nan ma alƙalaminka ba shi da hurumi. Gyaran rajistar haihuwa ta hanyar shari'a ake yinsa, sai hukunci ya fito sannan ka sauya gida na farko a rajistarka, ka rubuta lambar hukuncin da ranarsa a gida na biyar, ka ja layi ɗaya a kan tsohon rubutun yadda za a iya karanta shi, don tsofaffin takardun da ke ɗauke da shi suna nan a hannun mutane kuma wata rana za a kawo maka su.